Wata Ukun Farko na Sabuwar Nas a Ɗakin Masu Tiyata: Abin Koyi daga Ingila

A shekarar 2018 mujallar Lancet ta buga wani bincike da Farfesa Bruce Biccard na Jami'ar Cape Town ya jagoranta, wanda ya bi diddigin mutum 11,422 da aka yi wa tiyata a ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya. Yawancinsu sun fi takwarorinsu na sauran duniya ƙuruciya da ƙoshin lafiya, amma haɗarin mutuwarsu bayan tiyata ya ninka na duniya sau biyu. Cikin 239 da suka rasu, 225 sun cika ne bayan ranar da aka yi musu aiki ta wuce, wato lokacin da likitan tiyata ya cire safar hannu ya tafi, majinyaci yana kan gadonsa a hannun ma'aikatan jinya. Saboda haka duk tsarin da za a yi wa sabuwar nas a ɗakin masu tiyata, ma'auninsa ɗaya ne a wurina: bayan wata uku, shin tana iya gane majinyacin da jikinsa ya fara rikicewa tun kafin ya faɗi, kuma tana iya buɗe baki ta kira wanda ya dace?

Ingila ta yi wa wannan lokaci ƙa'ida a rubuce. A 2022 hukumar lafiyarta ta fitar da tsarin ƙasa na rainon sababbin ma'aikatan jinya. Mafi ƙarancinsa wata shida ne, sun fi son shekara guda. Kowace sabuwar nas ana haɗa ta da uwar ɗaki guda, wadda ta yi aƙalla shekara ɗaya tana aiki da lasisi kuma aka koya mata yadda ake raino. Sannan akwai aƙalla mako biyu da ba a ƙirga sabuwar cikin ma'aikatan da ke bakin aiki. Idan ɗakin na buƙatar nas huɗu da safe, huɗun suna nan, ita ce ta biyar. Yadda za a raba wata ukun farko kuwa, kowane asibiti da nasa, amma zubin bai cika bambanta ba.

Wannan rashin ƙirgawa shi ne ginshiƙin watan farko, kuma shi ake fara cinyewa idan aiki ya matse. Ranar da wata ta kwanta rashin lafiya, sai sista ta waiwaya ta ga sabuwa tsaye, ta ce ta riƙe gadaje shida na yau kawai. Daga ranar raino ya ƙare, ko da takardarsa na nan ana sa mata hannu. Hanyar gane haka mai sauƙi ce: a ɗauko jadawalin aiki a duba sau nawa sunan sabuwar da na uwar ɗakinta suka faɗo lokaci guda. Idan wannan tana safe waccan tana dare, to suna kawai aka rubuta.

A makonnin nan tana koyon inda keken kayan ceto yake, yadda ake buɗe tukunyar oksijin, da lambar da ake kira idan numfashi ya tsaya. Tana bin majinyaci ɗaya tun daga shirinsa: takardar amincewa, awa shida ba abinci, awa biyu ba ruwa, alamar da likita ya zana a gefen da za a yanka. Ta raka shi ɗakin tiyata, ta tsaya ta ga aikin, ta dawo da shi. Wadda ta ga inda aka ɗinke hanji da inda aka cusa robar tsotso ba ta sake kallon jakar da ke rataye a gefen gado a matsayin abin zubarwa kawai. Daga mako na uku sai a ba ta majinyata biyu ko uku, uwar ɗaki na kusa.

Abin da ya fi cancantar a tsananta a kai a wannan wata shi ne ƙirga numfashi. Na'ura na ba da bugun zuciya da awon jini da oksijin, amma numfashi sai an tsaya an kalli ƙirji minti guda cur. Shi ya sa ake yawan ƙagarsa. Ka buɗe takardar awo ka ga 18, 18, 20, 18 tun safe har dare a kowane gado, ka san ba wanda ya ƙirga. Alhali sau da yawa numfashi ne ke fara canzawa idan ciwo ya shiga jini, kuma shi ke raguwa idan allurar kashe zafi irin su mofin ta yi yawa.

Wata na biyu ake ƙara mata gadaje, a kuma ɗora mata karatun alamomi. A nan Ingila na amfani da takardar maki mai suna NEWS2, wadda Kwalejin Likitoci ta Landan ta fitar a 2017 a matsayin sabuntawar ta farko ta 2012. Abu shida ake aunawa: numfashi, oksijin na jini, awon jini na sama, bugun zuciya, zafin jiki da hayyaci. Kowanne na da maki daga sifiri zuwa uku gwargwadon nisansa da daidai. Jimla ta kai biyar, a kira likita cikin gaggawa a koma awo kowace awa. Ta kai bakwai, a tara masu ceto.

A ɗauki misalin magidanci mai nauyin kilo 60 da aka yanke wa wani yanki na hanji da rana. Ƙarfe shida na yamma numfashinsa 18, bugun zuciya 88, awon jini na sama 124, oksijin 97. Makinsa sifiri. Ƙarfe goma na dare numfashi 22, bugu 104, awon jini 108, oksijin 95, ba zazzaɓi, yana magana, sai dai ya ce ƙishirwa yake ji. Sabuwar nas da ke duban lambobin ɗaya bayan ɗaya ba za ta ga abin tashin hankali ba, musamman da yake awon jini 108 ba ya firgita kowa. Takardar maki kuwa ta ba numfashi biyu, sauran ukun ɗaya-ɗaya. Biyar ke nan.

Uwar ɗaki ta gari ba ta tsayawa a jimlar. Za ta sa ta duba jakar fitsari. Abin da ake so shi ne aƙalla rabin mililita ga kowane kilo a awa, wato 30 ga wannan mutum, 120 cikin awa huɗu. An samu 70. Za ta sa ta taɓa tafin ƙafarsa, ta ji sanyi, ta ɗaga bargo ta ga ciki ya ɗan ɗaure. Bandeji a bushe yake, robar tsotso ba ta kawo komai ba, kuma nan ne tarkon: roba kan toshe da gudan jini, cikin mutum kuma na iya ɓoye jini mai yawa ba ɗigo ɗaya a waje. Jiki na matse jijiyoyi yana hanzarta zuciya don ya riƙe awon jini, har mai ƙarfi kan yi asarar kusan kashi 30 cikin ɗari na jininsa kafin awon ya zube. Wadda ta jira zubewar ta makara.

Saura kira. Ana koya mata tsari mai gaɓa huɗu da ake kira SBAR: halin da ake ciki, tarihi, abin da na gani, abin da nake buƙata. Maimakon "Likita, mai gado na bakwai ba ya jin daɗi," sai ta ce: "Likita, nas ce daga ɗakin maza masu tiyata. Mai gado na bakwai makinsa ya tashi daga sifiri zuwa biyar cikin awa huɗu. Yau da rana aka yanke masa hanji. Bugu 104, numfashi 22, fitsari 70 a awa huɗu, ƙafa da sanyi, ciki ya ɗaure. Ina zargin jini ne ke zuba a ciki. Ina so ka zo ka gan shi yanzu, zan duba allurar ƙarin ruwa in shirya kwalaben gwajin jini." Wannan sai an maimaita shi da baki, a ofis, uwar ɗaki ta zama likitan da aka tasa daga barci yana gunaguni, har sabuwar ta daina in'ina.

Mu a nan wannan gaɓar ta fi yi mana nauyi. Yarinyar da aka tarbiyyantar kada ta ɗaga ido gaban na gaba da ita, ba ƙaramin abu ba ne ta ce wa babban likita ya taso ƙarfe biyun dare. Amfanin maki shi ne ya ɗauke mata wannan nauyi, tunda ƙa'idar ɗakin ce ta ce biyar a kira. Amma sai sista da likitocin sun amince da ƙa'idar a gabanta, kuma an faɗa mata wanda za ta kira na biyu idan na farko bai zo ba.

Wata na uku na cikakken kaso ne da aikin dare. Darare na farko tare da uwar ɗaki za ta yi su. Rabon magani da allurar jijiya da ƙarin jini ba ta yinsu ita kaɗai sai an tsaya an kalle ta ta yi, ba wai an tambaye ta ko ta iya ba. Ƙarin jini musamman: tantance suna da lamba a bakin gado, da sa ido sosai a minti goma sha biyar na farko. Ƙarshen kowane wata su zauna su uku da sista, a rubuta abin da ta iya da abin da ya rage. Idan a zama na uku har yanzu tana rubuta awo ba ta haɗa shi da na awa huɗun baya, a ƙara mata makonni. Ba abin kunya ba ne, tunda su kansu masu tsarin ba su ɗauki wata uku a matsayin kammalawa ba.

Akwai abin da muke da shi wanda tsarin Ingila bai tanada ba, wato masu jinya da ke kwana a gindin gado. Dole sabuwar nas ta koyi aiki da su. Uwar da ta ga ɗanta na lasar leɓe za ta iya ba shi kunu a ɓoye alhali an hana shi ci, sai an zauna an yi mata bayanin dalili. Ita ce kuma za ta fara lura ya soma sambatu, idan an gaya mata cewa wannan abin a zo a faɗa ne.

Sai dai kada a ɗauka sa ido kaɗai na ceto. Masu binciken 2018 sun sake gwaji a asibitocin Afirka, aka buga a 2021: majinyata masu haɗari aka matso da gadonsu kusa da teburin nas, aka yawaita awo, aka bar dangi su zauna da su. Mace-mace ba su ragu ba, kuma asibitoci da dama sun kasa aiwatar da matakan yadda aka tsara. Nas ɗaya mai gadaje talatin ba ta iya awo kowace awa, kiran da ta yi kuma ba ya amfani idan ba jini a ma'ajiya ko ba mai buɗe ɗakin tiyata da dare. Don haka metiron da za ta ɗauki wannan tsari ta fara da abin da ke hannunta: jadawalin da ya haɗa sabuwa da uwar ɗakinta, mako biyu da ba a ƙirga ta, takardar maki a kowane gado, da sunayen mutum biyu da za a kira a manne jikin bango. Jini da ɗakin tiyata na dare kuma ta kai maganarsu gaban shugaban asibiti a rubuce, tare da takardun awon da ke nuna ƙarfe nawa aka kira da ƙarfe nawa aka zo.