Hoton fuskar kwali ba ya gaya maka yadda za ka sha magani

Duk gidan da Allah ya ba su nas ko ma'aikacin asibiti a dangi, wayarsa ta zama wurin ganin likita. Damina na sauka hotuna za su fara shigowa ta WhatsApp: kwalin magani a tafin hannu, babban yatsa ya rufe rabin rubutun, a ƙasa an rubuta, "Anti, don Allah yaya ake shan wannan?" Ban ga laifin wannan al'ada ba, domin ta fi a yi shiru a sha magani da ka. Ƙorafina a kan hoton ne. Kusan kullum fuskar kwali ake ɗauka, inda kamfani ya zuba sunan kasuwa da zanen sauro, alhali abin da mai amsa ke buƙata yana cikin ƙananan rubutu, a gefe da baya da kuma takardar da aka naɗe a ciki.

Bari mu ɗauki maganin da ya fi kowane yawo a wayoyinmu, na zazzaɓin cizon sauro mai haɗin sinadari biyu. Sunayen kasuwarsa sun fi a ƙirga, amma idan ka buɗa hoton da yatsu biyu, ƙarƙashin babban sunan za ka ga an rubuta Artemether da Lumefantrine, sai lambobi biyu a gefensu. Lambobin nan su ne abin dubawa na farko. Idan 20/120 ne, kowace ƙwaya na ɗauke da miligiram 20 na na farko da 120 na na biyu. Idan 80/480 ne, ƙwaya ɗaya ta ninka waccan sau huɗu.

Babban mutum, ko duk wanda nauyinsa ya kai kilo 35, yana shan ƙwaya huɗu ta 20/120 a kowane karo, sau shida, jimilla 24. Idan kuma 80/480 ya saya, ɗaya tal zai riƙa sha, shi ya sa shida ce kawai a kwalin. To ka ga inda ake faɗawa rami. Mutum ya saba da "huɗu-huɗu" tun bara, bana mai kemis ya miƙo masa 80/480, ya haɗiye huɗu a tashi ɗaya: ya sha ninki huɗu, kuma a karo na biyu maganin zai ƙare. Wani kuma ya saba da "ɗai-ɗai", aka ba shi 20/120, yana shan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da jikinsa ke buƙata, yana cewa maganin jabu ne.

Ƙirga ƙwayoyi ma ba ya raba gardama. Kwalin ƙananan yara masu nauyin kilo 5 zuwa 14 ƙwaya shida ne a ciki, ta 20/120, ɗaya a kowane karo. Kwalin manya na 80/480 shi ma shida ne. Uwa ta ce a waya, "Mai guda shidan nan ne," mai amsa ya ce a ba yaro ɗai-ɗai, alhali na manya ne a hannunta. Saboda haka duk hoton da waɗannan lambobi ba su fito a cikinsa ba, bai cancanci amsa ba. A kuma lura cewa da nauyi ake auna wa yara wannan magani: kilo 15 zuwa 24 ƙwaya biyu, kilo 25 zuwa 34 ƙwaya uku. Shekaru kan yaudari mutum, musamman a yaron da ba ya samun isasshen abinci.

Sai lokacin sha, wanda nake ganin nan ne aka fi yin sakaci. Mai kemis zai ja zane biyu da biro a kan kwali ya ce, "Safe da yamma, kwana uku." Ya yi kusa da gaskiya, sai dai takardar ciki ta fi shi bayani. Ta ce bayan shan farko, na biyu yana zuwa ne bayan awa takwas, sannan a kwana biyun da suka rage a sha safe da dare. Wanda ya fara ƙarfe takwas na safe ranar Litinin, zai sake sha ƙarfe huɗu na yamma, kusan bayan La'asar. Talata ƙarfe takwas na safe da takwas na dare, Laraba ma haka. Wanda ya fara ƙarfe biyu na rana, na biyunsa goma na dare ne. Wanda kuwa ya dawo daga asibiti ana kiran Magariba ya sha na farko ƙarfe shida da rabi, na biyunsa ya faɗa biyu da rabi na dare, kuma sai ya saita ƙararrawar waya. Wannan ne ya sa mai amsa tambaya ke buƙatar sanin lokacin da aka sha na farko, abin da babu kwalin da zai nuna masa.

Akwai dalilin wannan tsari. Sinadari na farko mai saurin aiki ne, yana kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke cikin jini, shi ya sa zazzaɓi ke sauka da wuri, amma cikin 'yan awoyi jiki ke kawar da shi. Na biyun yana daɗewa kwanaki a jini yana share ragowar. Wanda ya ji sauƙi ranar Talata ya ajiye sauran maganin "saboda gaba", ya bar ragowar da rai, kuma bayan mako biyu ko uku sai zazzaɓin ya dawo, a ce sabon sauro ne.

A takardar akwai wani layi da ido kan tsallake: a sha da abinci ko madara. Wannan ba don kare ciki kaɗai ba ne. Sinadari na biyu ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo, kuma mai zazzaɓi ba ya son cin komai, sai ya kora maganin da ruwa ko shayi ba madara. Ba a buƙatar tuwo da miya. Kofin madara, nono, kunun gyaɗa ko ɗan ƙosai sun wadatar, jariri kuma nonon uwa. Idan aka yi amai cikin awa ɗaya da shan maganin, sai a maimaita wannan karon. Ma'anar haka ita ce kwalin ya gaza da karo ɗaya, dole a nemo cikon, kada a tsaya a biyar.

Batun ajiya gajere ne a kan kwali, mu ne yake yi wa tsawo. Yawanci za ka ga 30°C a gefe, wato kada zafin wurin ajiya ya wuce digiri 30, kuma a nisanta shi da danshi da hasken rana. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, a watan Afrilu, zafin inuwa ma kan haura digiri 40. Aljihun gaban mota, bakin taga, saman kabad ƙarƙashin rufin kwano, duk sun fi haka. Abin da ke iya yiwuwa shi ne a nemi wuri mafi sanyi a ɗaki, can ƙasa, nesa da bangon da rana ke duka da kuma hannun yara, a bar ƙwayoyin cikin katinsu har lokacin sha. Kar a ɓare su a zuba a leda. Hoto zai nuna maka abin da kamfani ya ce a yi, ba zai nuna maka watannin da kwalin ya yi a kan tiren mai talla a tasha ba. Kwalin da launinsa ya koɗe, ko katin da ya huje, ko ƙwayar da ke marmashewa, shaida ce da ta isa a mayar da shi.

A murfin kwalin akwai kwanan wata biyu, kuma ana rikita su. MFG ko MFD ranar da aka yi maganin ne, EXP ranar ƙarewar wa'adinsa. Idan aka rubuta EXP 03/2027, yana da kyau har ƙarshen watan Maris na 2027, muddin an ajiye shi yadda aka ce. Sau da yawa waɗannan lambobi dannawa aka yi a jikin kwali ba tawada, don haka ba sa fitowa a hoto sai an karkata kwalin haske ya bugo shi ta gefe. A kashe fitilar kyamara, domin ƙyallin kati kan shafe rubutu. A duba ko lambar rukunin da ke kan kati ta yi daidai da ta kwali. Lambar rajistar NAFDAC kuwa, ganinta a hoto ba tabbaci ba ne, masu jabu ma suna bugawa. Tun 2010 hukumar ta fara tsarin kankare wani ɓoyayyen wuri a kwali a aika lambar ta saƙon tes, kuma wannan aikin mai riƙe da kwalin ne, Anti da ke Abuja ba za ta iya yi masa daga hoto ba.

Gargaɗi shi ne ɓangaren da hoto ya fi zalunta, don yana cikin takardar da ake jefarwa tun a ƙofar kemis. A ciki an ce wannan magani na zazzaɓin da bai yi tsanani ba ne. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, ko ba ya gane mutane, allura yake buƙata a asibiti, kuma duk mintin da aka ɓata ana jiran amsar WhatsApp asara ce. An kuma ce mai matsalar bugun zuciya ya sanar da likita. Mai shan maganin tarin fuka da ke ɗauke da rifamfisin, ko wasu magungunan farfaɗiya irin su kabamazafin da fenitoyin, kada ya sha da kansa, saboda suna sa hanta ta kawar da maganin zazzaɓin kafin ya yi aiki.

Wani lokaci ma takardar kan zama tsohon labari. Da yawa har yanzu suna gargaɗin kada mace ta sha a watanni ukun farko na juna biyu, amma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta, ta amince da wannan haɗin a wannan lokacin. Idan likita ya rubuta wa mai ƙaramin ciki, ba kuskure ya yi ba. Sai dai hukuncin nasa ne, bayan gwajin jini, ba na ƙawar da aka tura wa hoto ba.

Don haka ina da buƙata ga ɓangarori uku. Mai tambaya ya ajiye kwalin a kan tabarma cikin hasken rana, ya ɗauki gaba da baya da murfi, ya warware takardar ya ɗauki gaba da bayanta, ya kuma tura su ta zaɓin HD don kada rubutun ya dushe. Ya haɗa da shekarun mara lafiya, nauyinsa, ko akwai juna biyu, sauran magungunan da yake sha, sakamakon gwaji da lokacin da aka fara. Mai amsa ya daure wa kunyar dangi ya ce, "Yaya, juyo min bayan kwalin tukuna." Masu kemis kuma, waɗanda su ne kaɗai ke ganin kwali da mai saye a lokaci guda, su daina sayar da kati tsirara ba kwali ba takarda, kuma maimakon zane biyun nan na biro, su tambayi lokacin da za a fara sha, su rubuta ƙarfe nawa da ƙarfe nawa, layi shida, da Hausa ko da ajami.