Kuɗi kaɗai ba ya kai tallarka saman Google

A kasuwar rake ta Makarfi, idan mutum biyu suka taya kaya ɗaya, wanda ya fi tayi ne ke lodawa a mota. Da wannan lissafin matasa da yawa ke shiga harkar talla a intanet. Yaro ya buɗe Google Ads don ya tallata mazarƙwailar Kudan ko busasshen tumatirin Ikara ga masu saye a Kano da Abuja, ya ga tallarsa na can ƙasa, sai ya ce ai masu kuɗi ne suka danne shi. Daga nan ko ya ƙara kuɗi, ko ya haƙura. Ni a ganina duka biyun gaggawa ce, domin gwanjon Google ba irin na kasuwarmu ba ne.

Duk sanda wani ya rubuta abin da yake nema a Google, nan take ake yin gwanjo tsakanin masu tallar da suka zaɓi wannan kalmar. Kowace talla ana ba ta maki, wanda suke kira Ad Rank, kuma mai maki mafi yawa ne ke hawa sama. Manyan abubuwa biyu ne ke haɗa makin nan. Na farko tayinka, wato iyakar kuɗin da ka yarda ka biya idan mutum ɗaya ya latsa tallar. Na biyu ingancin tallar. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce ka ɗauka ana ninka tayi sau inganci.

Mu yi misali da masu sayar da mazarƙwaila uku. Alƙaluman na misali ne kawai, kuma mu auna inganci daga 1 zuwa 10. Na farko babban dila ne a birni, ya taya naira 400, amma tallarsa ta kayan abinci ce gaba ɗaya, ingancinta 3. Makinsa 1,200. Na biyu ya taya naira 300, ingancinsa 5, makinsa 1,500. Ta uku yarinya ce a Malikanchi, naira 250 kawai ta iya tayawa, amma tallarta ta ambaci mazarƙwaila ƙarara, da farashi, da garuruwan da take aikawa. Ingancinta 8, makinta 2,000. To wa ya hau sama? Ita ce, wadda ta fi kowa ƙarancin tayi. Dila mai 400 ya koma na uku.

Abin bai tsaya nan ba fa. Ba dole ne ka biya duk abin da ka taya ba, abin da zai ishe ka ka wuce wanda ke bayanka ake caja. Na bayan yarinyar nan makinsa 1,500, idan ka raba da ingancinta 8, kusan naira 188 za ta biya a kowace latsawa. Na biyun kuma yana buƙatar wuce 1,200, ka raba da 5, naira 240 ke nan. Kun ga ta fi shi matsayi, kuma ta fi shi biyan kaɗan.

Wani zai ce me ya sa kamfani zai ƙi mai 400 ya ɗauki mai 250? Ba tausayi ba ne, kasuwanci ne. A irin wannan tallar, Google ba ya samun ko sisi sai an latsa. A ce an nuna tallar dila sau 1,000, mutum 10 suka latsa: ko duk tayinsa ya biya, naira 4,000 ne. A nuna ta yarinyar sau 1,000, mutum 40 su latsa a kan 188: an samu 7,520. Kamfanin GoTo.com, wanda ya fara sayar da matsayi a sakamakon bincike a 1998, da tayi kaɗai yake jera masu talla. A 2002 Google ya shigo da yawan latsawa cikin lissafinsa, domin tallar da ba wanda ke taɓawa tsare waje kawai take yi.

Amma kada wani ya tafi da cewa kuɗi ba ya aiki. Yana yi mana. Idan dila ya ɗaga tayinsa zuwa 700, makinsa ya zama 2,100, ya ture yarinyar. Sai dai duba abin da zai biya: 2,000 a raba da 3, kusan naira 667 a latsawa ɗaya. Da naira 10,000, shi mutum kusan 15 zai samu, alhali ita a wannan matsayin mutum 53 take samu. Ashe mai kuɗi zai iya sayen sama, amma da tsada yake zaune a can. Haka kuma inganci na da iyaka. Ko ta kai 10, idan naira 50 ta taya, makinta 500 ne, kuma akwai mafi ƙarancin makin da Google ke buƙata kafin ma a nuna talla.

Saboda haka kafin ka ƙara ko naira ɗaya, je ka duba inda matsalar take. A shafin kalmominka cikin Google Ads, ka shiga Columns ka ƙara Quality Score da rassansa uku. Kowane reshe zai nuna maka Above average, Average ko Below average, wato ka fi sauran masu talla a kan kalmar, kana daidai da su, ko kana ƙasa da su.

Idan Ad relevance ne ya faɗi, tallarka ba ta amsa abin da aka nema ba. Mutum ya rubuta mazarƙwaila, kai kuma ka rubuta "kayan masarufi masu rahusa". Ware mazarƙwaila da tallarta, tumatir da tasa. Idan Exp. CTR ne, Google na hasashen mutane ba za su latsa ba, sai ka sa abin da mai saye ke son sani: nawa ne, daga ina, yaushe zai iso. Idan kuwa Landing page exp. ne, shafin da ake kai mutum ne ke kashe ka. Buɗe shi da ƙaramar waya a inda sabis ba shi da ƙarfi, ka gani da idonka. In manyan hotuna sun hana shi buɗewa, ko sai mutum ya yi ta lalube kafin ya ga kayan da aka tallata masa, zai juya ne, kuma ka riga ka biya kuɗin latsawarsa.

A kula da abu ɗaya. Google da kansa ya ce lambar nan ta 1 zuwa 10 ta gano matsala ce, ba ita ake sakawa cikin gwanjon kai tsaye ba. A kowane bincike ana sake auna inganci, ana duba inda mai binciken yake, da irin na'urarsa, da ƙarin bayanan da ka liƙa wa tallar kamar lambar waya. Shi ya sa za ka iya zama na ɗaya ga mai bincike a Zariya, ka zama na uku ga na Legas. Masu talla a Facebook da Instagram ma haka abin yake: Meta na haɗa tayi da hasashen ko mutum zai yi abin da kake so, da ingancin tallar.

Matashin Malikanchi ba zai ja da dilan birni a aljihu ba, kuma ba sai ya ja ba. Shi ne ya san kayansa, ya san kalmar da mai saye ke amfani da ita. Ya fara gyara reshen da ke nuna Below average, ya ba shi 'yan makonni. In duka ukun sun gyaru kuma har yanzu yana ƙasa, a lokacin ne ƙarin tayi ke da ma'ana.