Hawayen da aka ƙara wa hoto: me ya sa ba ma yarda a cire ko a ƙara komai a hoton labari

'Yan uwa, duk wanda ya ga ƙarshen watan Oktoban 2014 a Vimtim ko a Mubi ba sai an gaya masa darajar hoto ba. Lokacin da Boko Haram suka shigo, jama'a suka watse, wasu Yola, wasu kan duwatsu, wasu Kamaru, ba abin da mutum ke nema kamar ya san halin da gida ke ciki. Sanarwar hukuma daban, jita-jita daban. In hoto ya iso a waya, shi ake ɗauka a matsayin raba gardama. Wannan yarda da muke ba hoto ita ce muke so mu yi magana a kanta, domin da hannunmu muke ɓarar da ita.

A wannan shekarar dai, ranar 14 ga Afrilu, aka sace 'yan mata 276 a makarantar Chibok, nan maƙwabtanmu a Borno. Cikin hotunan da suka fi yawo da taken #BringBackOurGirls akwai na wata yarinya mai hawaye a kumatu. Ashe ba 'yar Chibok ba ce, ba ma 'yar Najeriya ba ce. Wata mai ɗaukar hoto Ba'amurkiya, Ami Vitale, ita ta ɗauke ta a ƙasar Guinea-Bissau shekaru kafin a yi satar, a wani aiki da ba ruwansa da ta'addanci. Hawayen kuma babu shi a hoton asali, da kwamfuta aka ɗora shi. Vitale ta fito ta nemi a daina amfani da hoton.

Mun san abin da wasu za su ce: niyyar mai kyau ce, kuma ai da gaske an sace yaran, da gaske iyaye suna kuka. Haka ne. Amma ku tuna cewa a lokacin akwai masu cewa ba a sace kowa ba, siyasa ce kawai. Hoton ƙarya guda ɗaya ya ishi irin waɗannan su ce, ga shi nan, dama mun faɗa. Wanda ya ƙara hawayen ya so ya taimaki iyayen Chibok, sai ya miƙa wa masu ƙaryata su sanda. Ga kuma yarinyar da aka yi yawo da fuskarta a duniya a matsayin wadda aka sace, ba a ko tambaye ta ba.

To ina manyan kafofin labarai suka ja layi? Ba wai sun hana taɓa hoto kwata-kwata ba ne. A ƙa'idar kamfanin dillancin labarai na AP, an yarda a yanke gefen hoto, a ɗan ƙara haske ko a rage, a daidaita launi ya dawo yadda ido ya gani a wurin, a mayar da shi fari da baƙi, a goge ɗigon ƙurar da ta maƙale a cikin kyamara. Abin da aka hana shi ne a saka wani abu da ba ya wurin, ko a cire abin da yake wurin, komai ƙanƙantarsa. Ko jan idon nan da fitilar kyamara ke sa wa mutum ba su yarda a gyara ba.

Ku dubi yadda suka yi da Narciso Contreras, ɗan ƙasar Meziko, wanda yana cikin ma'aikatan AP da suka ci kyautar Pulitzer a 2013 kan yaƙin Siriya. A watan Satumban shekarar ya ɗauki wani ɗan tawaye yana neman mafaka da bindiga a hannu. A kusurwar ƙasa ta hoton kyamarar bidiyon wani abokin aikinsa ta fito, sai ya goge ta, ya cike gurbin da duwatsun wurin. Bai ƙara gawa ba, bai canza fuskar kowa ba, kuma shi da kansa ya gaya wa editocinsa. Duk da haka a Janairun 2014 AP ta raba gari da shi, ta bi hotunansa kusan 500 ɗaya bayan ɗaya. Ba ta samu wani da aka taɓa ba, amma ba ta janye hukuncin ba.

Da farko mu ma mun ga kamar an tsananta. Sai dai in aka yi tunani, kyamarar nan tana faɗin wani abu: akwai 'yan jarida a tsaye kusa da mutumin. Da aka goge ta, mai kallo ya ga mayaƙi shi kaɗai a fagen daga. Kuma mai kallo ba shi da hanyar sanin ƙarami aka cire ko babba. Da zarar ya san ana cirewa, sai ya fara zargin sauran hotunan duka, har da na waɗanda suka sa ransu a haɗari suka ɗauko gaskiya.

Mu dawo gida, domin yanzu kowace waya tana iya wannan aikin cikin minti ɗaya. A ce ruwan damina ya cinye wata kwalbati a hanyar Vimtim zuwa Mubi, muna so mu kai kuka ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa. An ɗauki hoton da magariba, ya yi duhu: a ƙara haske, ba laifi. Rabin hoton sarari ne: a yanke. Amma ga wani babur yana tsallakewa ta gefe, sai wani ya ce a goge shi don a nuna hanyar ta yanke gaba ɗaya. A nan muka tsaya. Ko yanke gefen ma, in don a ɓoye babur ɗin aka yi, ƙarya ce da almakashi. Ranar da jami'i ya zo ya ga babura na wucewa, ko wani ya fito da hoton asali, maganar ta tashi daga kwalbati ta koma kan ko mutanen Vimtim masu gaskiya ne. Kukanmu na gaba, ko na asibiti ne ko na makaranta, da wannan tabon za a karɓe shi.

Haka batun hoton taro. A liƙa shugaban da bai halarta ba, a goge wanda ya sauya jam'iyya, a kwafi kawunan mutane a cike kujerun da ba kowa. Katin gayyata ko fastar taya murna, kowa ya san haɗi ne, a yi masa ado yadda ake so. Amma in an rubuta cewa ga abin da ya faru jiya, to ya zama shaida. In kuma dole ce ta sa a rufe fuskar yaro ko ta wanda aka ci zarafinsa, a rufe yadda kowa zai gane an rufe, a kuma faɗa a ƙasan hoton.

Gane hoton da aka taɓa ba kullum yake da wuya ba. A Agustan 2006 masu karatu ne suka kama Adnan Hajj na kamfanin Reuters, wanda ya ƙara hayaƙi a kan birnin Beirut bayan wani harin Isra'ila: curin hayaƙi iri ɗaya sak ya maimaita kansa, alhali hayaƙi ba ya haka. Reuters ta kwashe hotunansa 920 daga rumbunta. Don haka a duba ko fuska ɗaya ko hula ɗaya ta fito sau biyu a cikin taro, a duba ko inuwar wani ta nufi gabas ta sauran ta nufi yamma, ko ƙafarsa ba ta zauna a ƙasa ba. Abin da ya fi duka sauƙi shi ne a tambayi wanda ya turo: wa ya ɗauka, yaushe, a ina, kuma ina hoton da ya ɗauka kafin wannan da wanda ya biyo baya? Wanda ya tsaya a wurin da wuya a ce guda ɗaya tak ya ɗauka. In ya turo ta WhatsApp, a roƙe shi ya sake turowa a matsayin Document, don hoton ya iso da cikakken girmansa ba a matse shi ba.