Ra'ayinmu: Mai neman aikin gwamnati daga Jibiya ya rubuta abin da rajista za ta shaide shi

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin tantance masu neman aiki ya san takardar tun bai buɗe ta ba. Bayan gaisuwa da sunan makaranta sai layin nan ya biyo: "Ina daga cikin masu kula da rigakafin yara a bakin iyaka, ina cike rajista, ina kai rahoto ga shugabana, ina kuma yin duk aikin da aka ɗora mini." Da Turanci ake rubuta ta, amma ma'anar ke nan. Mutum hamsin da suka yi aiki a wuri ɗaya za su iya sa hannu a ƙasan layin nan ba tare da ko ɗaya ya yi ƙarya ba, kuma a nan matsalar take. Wanda ya raya wurin da wanda ya wuni a gindin dalbejiya yana shan shayi duk abu ɗaya suka rubuta, domin sun kwafo jadawalin aikin da aka ba su ne ranar da suka fara.

Mun ɗauki Jibiya ne saboda wuri ne da shawarar da ake yawan bayarwa, wato a cika takarda da alƙaluma, take iya kai mutum ta baro. A Magama, inda hanyar Katsina ke tsallakawa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, akwai Kwastam da jami'an shige da fice da ma'aikatan lafiya na bakin iyaka da masu duba dabbobi da tsirrai, ga kuma samari da 'yan mata da ke aikin wucin gadi a gefensu, masu jiran ranar da za a buɗe gurbi a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Katsina ko ta Tarayya. Yawan aikin da ke zuwa gaban waɗannan mutane ba a hannunsu yake ba. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, kuma da aka buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020 ba a haɗa da Jibiya ba, sai a watan Afrilun 2022. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a watan Maris na 2024. To wanda ya rubuta cewa mutanen da ya yi wa rajista sun ninka tsakanin 2021 da 2022, me ya nuna? Ya nuna an buɗe iyaka. Duk ɗan kwamitin da ya san yankin zai gane haka, ya kuma fara shakkar sauran abin da ke cikin takardar.

Bari mu ɗauki misali, kuma alƙalumansa na kwatance ne. A ce wani matashi ya yi shekara biyu cikin ayarin da ke ɗiga wa yara maganin shan inna a tashar mota da bakin shingen Magama, yanzu yana neman gurbin jami'in kula da bayanai a wata ma'aikatar jiha. Layinsa na farko shi ne wancan da muka kawo a sama. Kafin ya taɓa alƙalami, abin da ya kamata ya fara yi shi ne ya koma ga takardun da aikin ya bari: takardar ƙidaya ta kullum, da rahoton wata da ake kai wa jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma, da duk wata wasiƙar yabo ko ta ƙarin nauyi da ke cikin fayil. Sai ya tambayi kansa, a cikin shekara biyun nan mene ne ya lalace da ya samu, wanda ya bari a gyare?

A ce ya tuna cewa lokacin da ya zo, rahoton wata yakan makara, domin takardun ƙidaya suna warwatse a hannun mutum huɗu, wasu ruwa ya jiƙa, wasu sun ɓata. Shi ne ya kawo shawarar a riƙa tattara su kowace yamma a babban littafi guda, ya kuma ɗauki nauyin daidaita adadin yaran da aka rubuta da adadin kwalaben maganin da aka buɗe. Sai layin ya koma haka: "Daga Yunin 2022 zuwa Mayun 2023 ni ke haɗa rahoton ayarinmu na mutum huɗu a Magama. Kafin na karɓa, rahoto biyar cikin goma sha biyu ne suka isa ofishin ƙaramar hukuma a kan lokaci. Na shigo da tattara takardun ƙidaya a littafi ɗaya kowace yamma, kuma a shekarar da ta biyo baya goma sha ɗaya suka isa a kan lokaci. Kwafin rahotannin na nan a ofishin jami'in rigakafi."

A lura da abin da ya zaɓa ya ƙirga. Bai ƙirga yaran da suka ratsa shingen ba, domin wannan ya dogara da buɗe iyaka da ranar kasuwa da halin tsaro a hanya. Ya ƙirga abin da ke hannunsa, wato isar rahoto, wanda ko motoci dubu suka wuce ko goma, wata na da ƙarshe. Ya faɗi yadda abin yake kafin shi, domin goma sha ɗaya ba ta da ma'ana sai an san biyar ce a da. Bai ɓoye watan da ya makara ba, kuma wannan ɗayan da ya rage shi ne zai sa a gaskata sauran. Sannan ya nuna inda za a je a duba. Gurbin da yake nema na kula da bayanai ne, saboda haka labarin littafin ne ya shiga takardar. Da aikin wayar da kai yake nema, da sai ya kawo yadda ya shawo kan direbobin tasha su riƙa tsayawa har a gama ɗiga wa yaran da ke cikin mota. Hujja biyu ko uku irin wannan sun isa shafi guda, sauran ayyukan su zauna a takardar tarihin aiki.

Akwai masu ganin duk wannan ɓata lokaci ne, kuma ba za mu ce ba su da hujja ba. Yawancin ɗaukar aikin tarayya yanzu ta shafin intanet ake yi. Shige da Fice da Sibil Difens da gidajen gyaran hali da kashe gobara duk hukuma guda ke ɗaukar musu ma'aikata, Kwastam na da tata, kuma abin da ke tace mutane tun farko shi ne shekaru da takardun makaranta da shaidar ƙaramar hukuma da jarrabawar kwamfuta, sai rabon gurabe tsakanin jihohi. A irin wannan matakin babu mai karanta wasiƙar kowa. Wasu kuma za su ce ai ko an karanta, wanda ke da uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Gaskiya ne ana yin haka, kuma babu gyaran jimlar da zai kawar da shi. Sai dai ba duk ƙofofi ne shafin intanet ba. Neman a mayar da mai aikin wucin gadi na dindindin, da neman sauya layin aiki, da komawa wata ma'aikata, har yanzu da wasiƙa ake yinsu, ta hannun shugaban sashe. Kuma ko wanda ya bi ta intanet, ranar ganawa da kwamiti za a tambaye shi me ya yi a wurin da ya baro. Wanda ya riga ya zauna ya rubuta amsar yana da abin faɗa, ɗayan kuwa sai ya sake karanto jadawalin aiki da baki.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi a wurinmu. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, aikin gwamnati ma an gina shi ne a kan ma'aikaci ya ɓace a bayan ofishinsa, shi ya sa ake sa hannu a madadin babban sakatare. Ga shi kuma wasiƙar za ta bi ta teburin shugaban sashe, wanda zai karanta "na shigo da" alhali yana ganin shi ya ba da izini. Maganin wannan shi ne a raba hakki daidai. Ayarin mutum huɗu ne, a faɗi haka. In shugaba ne ya amince, a rubuta "da amincewar shugaban sashe". Mutum bai yabi kansa ba don ya ce rahoto goma sha ɗaya sun isa a kan lokaci, ya faɗi abin da ya faru ne. Yabon kai yana cikin waɗancan kalmomi da suka cika tsofaffin takardu, irin su "mai ƙwazo" da "mai gaskiya da riƙon amana", waɗanda babu rajistar da za ta shaide su. Ita kanta gwamnatin tarayya ta ɗauki hanyar barin tsohon fom ɗin auna ma'aikaci na shekara-shekara zuwa tsarin da ke auna shi da abin da ya cimma, saboda haka wannan salo ba baƙo ba ne a gidan gwamnati.

Haɗari na gaske guda biyu ne, kuma dukansu sun fi tsanani a bakin iyaka. Na farko ƙarin gishiri. Da zarar an ce alƙaluma na da daraja, sai biyar ta zama hamsin, kuma Dokokin Aikin Gwamnati sun sa ƙirƙirar bayanan ƙarya cikin manyan laifuffukan da ke iya kai mutum ga kora. Gwajin mai sauƙi ne: in aka ɗaga waya aka kira ofishin da ka ambata, za su ga adadin a rubuce? In ba za su gani ba, cire shi, ka bayyana abin da ka yi da kalmomi. Na biyu shi ne sirri. Wanda ya yi aiki kusa da Kwastam ko shige da fice ya ga sunayen mutane da lambobin motoci da hanyoyin sintiri, wani lokaci har da wanda ya tsegunta. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan da ranta, kuma a yankin da 'yan bindiga suka addaba, suna ɗaya a takarda na iya jawo asarar rai. Ana iya rubuta cewa an rage lokacin da fayil ke ɗauka kafin ya bar tebur ba tare da an faɗi fayil ɗin wane ne ba. Abin da ba a tabbata an yarda a fitar ba, a tambayi shugaba kafin a rubuta.

Hukuncinmu shi ne a sake rubuta takardar. Wanda ya bar ta a kan jerin ayyuka ya cuci kansa, musamman ɗan wucin gadin da ba shi da kowa a sama, wanda aikin hannunsa ne kaɗai jarinsa. Amma a ƙirga abin da mutum ke da iko a kansa, a bar wa abokan aiki rabonsu, kada a rubuta adadin da ba shi da mazauni a rajista. Muna kuma kira ga Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Katsina da ta riƙa neman kowane mai nema ya kawo misalai biyu na abin da ya gyara a aikinsa na baya tare da ofishin da zai tabbatar, ta kuma riƙa kiran ofisoshin nan ko da na mutum ɗaya cikin goma ne. Ga waɗanda ke Magama yau kuwa, ku fara ajiye ɗan littafin da za ku riƙa rubuta abin da kuka kammala kowane ƙarshen wata, da kwanan wata, tun kafin a yi shelar gurbi.