Me ya sa babur mai kyau ke wuyar samu a kasuwar na hannu?

'Yan aji ɗaya, a wannan makon za mu ɗauki darasin da ya ba mu wahala lokacin da muke inda kuke, wanda za mu kira gurɓataccen zaɓi. Masanin tattalin arziki George Akerlof ne ya fito da shi fili a wata maƙala ta 1970 a kan motoci na hannu a Amurka, inda ake kiran lalatacciyar mota "lemun tsami". Aikin na cikin abin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 2001 tare da Michael Spence da Joseph Stiglitz. Mu dai da babur za mu yi misali, tunda shi muka fi sani.

Mu ƙaddara akwai babura 100 na sayarwa, 50 lafiyayyu, 50 kuma injinsu ya gaji. Mai lafiyayye ba zai sallama ƙasa da naira dubu 400 ba, mai saye kuwa zai iya biyan dubu 500 idan ya tabbatar da lafiyarsa. Mai gajiyayye zai karɓi dubu 150, mai saye zai biya har dubu 200. Da a ce kowa na iya bambance su, da an sayar da duka, kowa ya tafi yana murna.

To amma an wanke su, an yi musu fenti, duk suna ƙyalli. Mai babur ya san ko nasa yana shan baƙin mai, ya san sau nawa aka buɗe injin. Mai saye bai sani ba, zagaye ɗaya a bakin titi kuma ba zai nuna masa ba. Nawa zai taya? Ya san rabi da rabi ne, don haka zai ɗauki tsakiya: rabin dubu 500 da rabin dubu 200, wato dubu 350.

A nan ne yawancinmu muka tsaya a gwajin farko, muka rubuta dubu 350 a matsayin farashin kasuwa, muka sha jan biro. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce: wa zai yarda ya sayar a wannan farashin? Mai lafiyayye ba zai yarda ba, domin an taya masa ƙasa da dubu 400, sai ya tura abinsa gida ya ci gaba da hawa. Mai gajiyayye kuwa har rawar jiki yake, an ba shi fiye da ninkin abin da yake nema. Mai saye shi ma ba wawa ba ne. Da ya lura duk wanda ya sallama a dubu 350 gajiyayye ke hannunsa, sai ya sauko dubu 200. Farashin da kansa ya tace kasuwar, ya kori na kirki ya bar tarkace. Ku lura babu wanda ya yi ƙarya a labarin nan, rashin daidaiton sani kaɗai ya isa. Asarar kuma ana iya ƙirga ta: ciniki 50 da kowanne zai haifar da amfanin dubu 100 bai yiwu ba, naira miliyan 5 ke nan.

Kada ku ɗauka kullum haka take ƙarewa. Idan 80 ne lafiyayyu, 20 gajiyayyu, tayin mai saye zai zama dubu 440, wanda ya haura dubu 400, sai kowa ya sayar. Sai dai masu gajiyayyu sun ci albarkacin masu lafiyayyu. A misalinmu iyakar tana kan kashi biyu cikin uku: idan lafiyayyu suka gaza haka, kasuwarsu ta rushe. Ku gwada lissafin da kanku, malamai na son wannan tambayar.

Yaya mai lafiyayye zai kuɓuta? Yabon baki ba zai fisshe shi ba, tunda mai gajiyayye ma zai ce nasa kamar sabo. Yana buƙatar alamar da ɗayan ba zai iya kwaikwayo ba sai ya yi asara. Misali ya ce: "Ka hau wata guda, idan injin ya buga ka dawo da shi ka karɓi kuɗinka." Shi wannan alkawari bai ci masa komai ba, amma mai gajiyayye ya san za a dawo masa da nasa. Mai saye ma yana da tasa dabarar, ya zo da bakanikensa ya saurari ƙarar inji, ya duba fulogi da hayaƙin salansa. Amma bakanike kuɗi ake biyansa, kuma akwai ciwon da ba ya fitowa sai an yi doguwar tafiya injin ya ɗauki zafi, shi ya sa ko bayan dubawa mai saye yakan ɗan rage wani abu a tayinsa.