Bayan taron bidiyo: wasiƙar da ke hana gardama

Idan ƴan kasuwar albasa na Tawa, Maraɗi da Yamai suka kammala taro ta bidiyo, na'ura kan fitar da rubutaccen bayanin duk abin da aka faɗa. Amma wannan rubutu ba ya bambanta shawara da hukunci. Wani ya ce a sayar da buhu jika ashirin, daga baya aka daidaita kan jika goma sha takwas. Dukkansu suna ciki, kowa kuma zai riƙe wanda ya yi masa daɗi.

Saboda haka sakatare mai lura yakan tsamo abu uku kawai: abin da aka yanke, wanda aka ɗora wa aiki, da ranar cikawa. Kowane adadi sai ya koma ya saurare shi a faifan taron, domin na'ura kan rikita lambobi, musamman idan aka gauraya Hausa da Faransanci. Sannan ya rubuta kuɗin da alƙalumma: 18.000 F.

Ya aika imel ɗin a ranar, yana mai cewa: wanda ya ga kuskure ya yi magana kafin a yi lodi.