Sarƙa Ba Ta Taɓa Warkar Da Kowa Ba

Wannan shi ne taƙaitaccen wa'azin da na yi a taron zumuntar matasa, wanda dattawa suka ce in rubuta domin waɗanda ba su samu zuwa ba.

Karatunmu daga Markus sura 5 ne, labarin mutumin da yake zaune cikin kaburbura. Mutanen garinsu sun sha ɗaure shi da sarƙa da mari, yana tsinkewa. Da Yesu ya warkar da shi, ya roƙa a bar shi ya bi Ubangiji, amma aka ce ya koma gida wurin mutanensa. Ku riƙe abu biyun nan: sarƙa ta kāsa, kuma warkarwar a gida ta ƙarasa.

A 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton da BBC ta yi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a wannan shekarar ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suke shaye-shaye a Najeriya, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Amma a ƙauyukanmu wadda ta fi cin yaranmu ita ce tiramol, kuma ƙofar da take shigowa ba gidan rawa ba ce. Gona ce.

Bari in ba ku labarin wani yaro da na yi wa baftisma da hannuna. Ba zan faɗi sunansa ba. Bayan ɓarayin daji sun hana mahaifinsa noman gonarsa ta nesa, sai yaron ya shiga ƙwadago, ana biyansa bisa yawan kunyar da ya nome. Abokan aikinsa suka ce ya jefa ƙwaya ɗaya cikin shayi da safe. Ranar ya yi aikin mutum biyu, bai ji ciwon baya ba. Gaskiya ce, tiramol maganin ciwo ne, dangin kodin. Sai dai ba ƙarfi take ƙarawa ba, jin gajiyar take rufewa, jiki kuwa yana ta lalacewa a ɓoye.

Wadda hukuma ta yarda a sayar, da takardar likita, mai miligiram 50 ce ko 100, kuma likita ba ya wuce 400 a yini ga babban mutum. Wadda ake sayarwa a ɓoye takan kai 200 ko 225. Kafin damina ta biyu yaron nan yana shan huɗu a yini, wato 900, fiye da ninki biyu na iyakar likita. Ba don daɗi ba ne kuma. In bai sha ba sai zufa, hamma, majina, gudawa da ciwon ƙashi, barci ya gagara.

Wata rana ya faɗi a gona yana farfaɗiya. Aka ce iska ce, aka aiko a kira ni in yi addu'a. Na yi addu'a, amma fakitin da muka samu cikin aljihunsa ne ya gaya mana gaskiya, domin tiramol mai yawa tana kawo farfaɗiya. In kun ga haka, ku kwantar da mutum a gefensa, kada ku cusa masa cokali a baki, kada ku ɗura masa ruwa ko manja. In kuwa ya yi barcin da ba ya tasuwa, numfashinsa ya yi ƙasa, ku kai shi asibiti nan take, ku tafi da fakitin.

Mahaifinsa ya ce mini, "Fasto, ɗaki zan kulle shi, in sa masa mari." Na ce, "Baba, mutanen Garasinawa sun riga ka gwadawa." Mun ga abin da aka tarar a 2019 lokacin da 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura, yara da manya ɗaure da sarƙa. Kada mu nuna wa kowa yatsa, gama akwai gidajen addu'a na Kirista da suke yin irin wannan. Wanda aka ɗaure ya daina sha ne don dole. Ranar da aka kwance shi, in ya koma ya sha adadin da ya saba, jikinsa ya riga ya manta da shi, yana iya mutuwa.

Abin da muka yi shi ne, muka kai shi wurin likita. Likita ya riƙa rage masa adadin kaɗan kaɗan cikin makonni, ya ba shi maganin gudawa da na ciwon jiki. Kwanakin farko su ne mafi wuya, saboda haka matasa biyu suka riƙa kwana tare da shi, zumuntar mata tana aiko da kunu. A wata na uku ya koma ya sha. Ba mu kore shi ba, muka sake komawa asibiti. Yau yana koyon gyaran babur, yana kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa. Har yanzu muna lura da shi, musamman in damina ta faɗi.

To, me za mu yi? Abu uku nake roƙo.

Na ɗaya, masu gonaki a cikinmu. Duk wanda ya ɗauki 'yan ƙwadago ya ba su fura da abinci da hutun tsakar rana, kada ya ɗora musu aikin da sai da ƙwaya za a gama. Wanda kuwa ya saya musu ƙwaya don aikinsa ya yi sauri, dattawa su zauna da shi kamar yadda ake zama da mai kowane zunubi.

Na biyu, kowace ikilisiya ta ware baikon Lahadi ɗaya a wata uku domin kuɗin mota da magani. Ta naɗa mutum uku masu riƙe sirri, ciki har da mace, domin 'yan mata ma suna sha, kunya ce take ɓoye su. Su san hanyar asibitin Funtuwa, da Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya, da asibitin masu taɓin hankali na Barnawa a Kaduna, kafin ranar buƙata ta zo.

Na uku, mu kaɗan ne, ba za mu iya tunkarar mai sayarwa mu kaɗai ba. Amma ɗan liman da ɗan fasto wurin mai shayi ɗaya suke zama. Lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020, tare muka yi kuka da maƙwabtanmu. Mu je wurin liman da mai unguwa, mu yi wa mai kemis magana da baki ɗaya. In ya ƙi ji, a kai ƙara ga hukumar NDLEA ta hannun dagaci, don kada nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya.

Ku kuma 'ya'yana da kuke sha, na san kuna zama a bencin baya, wasunku sun daina zuwa sujada. Ba zan kira sunanku a bagade ba. Ku same ni a gida bayan sujadar yamma, ko ku gaya wa uwa ɗaya cikin zumuntar mata. Kuɗin motar farko zuwa asibiti, ikilisiya ce za ta biya.

Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.